Sun ce na'ura ce ta rubuta maka aikin? Tambayoyi da amsoshi kan takardar ɗaukaka ƙara

Tun da wannan abu ya faɗa wa wata ƴar yayata a shekararta ta ƙarshe a jami'a, na zauna da ita muka haɗa takardarta, ban sake hutawa ba. Duk wanda aka ce wa firojet ɗinsa ko asaimen ɗinsa rubutun ƙirƙirarriyar basira ne sai a ce ya neme ni, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni ba lauya ba ne, kuma kowace makaranta da dokarta. Maganar nan kuma ta wanda da gaske shi ya rubuta abinsa ce.

1. Yau aka kira ni aka ce aikina rubutun ChatGPT ne. Me zan fara yi?

Kada ka taɓa fayil ɗin. Wannan shi ne na farko kafin kuka, kafin kiran gida. Kada ka buɗe shi ka gyara ko waƙafi ɗaya, kada ka canza masa suna, kada ka share tsofaffin kofi-kofin da ke cika maka kwamfuta don kana ganin shara ce. Sharar nan ita ce shaidarka. Da zarar ka gyara wani abu yau, ranar gyara ta ƙarshe ta koma yau, sai wani a kwamiti ya ce ai bayan an kama shi ya je ya yi ɗinki.

Na biyu, ka roƙi a ba ka zargin a rubuce: wane aiki, wane babi, wace manhaja aka yi amfani da ita, kashi nawa ta nuna, wace doka ake cewa ka karya. Idan a baki aka faɗa maka a ofis, to ka koma ka tura saƙo cikin ladabi, “Malam, dangane da maganar da muka yi ɗazu, ina roƙon a ba ni cikakken rahoton don in ba da amsa.” Na uku, kada ka sa hannu a wata takarda a ranar, kuma kada ka ce “a yi haƙuri ba zan sake ba” don kawai a bar ka ka fita. Mu a tarbiyyarmu in babba ya yi faɗa haƙuri ake ba shi ko kai ke da gaskiya, amma a fayil ɗin makaranta wannan haƙurin amsa laifi yake zama.

2. An nuna min kashi 76. Wai kashi 76 na aikina sata ne?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke rikicewa, har wasu malaman. Turnitin, manhajar da jami'o'i ke binciken aikin ɗalibai da ita, lamba biyu take bayarwa. Akwai tsohuwar, ta kamanceceniya, wadda ke nuna jimlolinka da suka yi daidai da wani rubutu da ke akwai, kuma tana nuna maka asalin inda yake, kowa zai iya buɗewa ya gani da idonsa. Sai sabuwar da suka ƙara a watan Afrilu na 2023, wadda ke cewa kashi kaza na rubutun ya yi kama da na na'ura. Ita wannan ba ta da wani asali da za ta nuna. Hasashe ne.

Yadda irin waɗannan manhajoji ke aiki a taƙaice: suna duba ko kalmominka na bin juna yadda ake tsammani. Idan duk kalmar da ka sa ita ce wadda aka fi zaton za ta zo, jimlolinka kuma tsawonsu kusan ɗaya, sai ta ce wannan ya yi santsi da yawa, na'ura ce. To ka tuna yadda aka koya mana Turancin makaranta, a buɗe da jimla kaza, a haɗa da kalma kaza, a rufe da kaza. Ɗalibin da ya bi ƙa'idar nan sau da ƙafa shi ya fi faɗawa tarko. Don haka tambayar farko da za ka yi ita ce wace lamba ce aka nuna maka a cikin biyun.

3. Da gaske manhajar na kuskure, ko dai faɗar ɗalibai ce kawai?

Tana yi, kuma ba ɗalibai kaɗai suka faɗa ba. Kamfanin OpenAI da ya yi ChatGPT ya fitar da tasa manhajar gano rubutun na'ura a Janairun 2023, da bakinsa ya ce kashi 26 kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi. Zuwa Yulin shekarar ya janye ta saboda rashin daidaito. A 2023 ɗin kuma wasu masu bincike a Jami'ar Stanford sun ɗauki rubutu 91 na masu jarrabawar TOEFL, wato mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, suka saka a manhajoji bakwai. A matsakaici kusan kashi 61 aka ce na'ura ce ta rubuta, alhali rubutun yaran Amurka ƴan aji takwas kusan duk ya wuce lafiya. Wannan binciken mu ya fi shafa, amma ka lura Turnitin ba ta cikin bakwai ɗin, kada ka rubuta cewa tana ciki a kama ka da kuskure.

Ita Turnitin ta ce kuskurenta bai kai kashi ɗaya ba a matakin takarda gaba ɗaya, ta kuma ce kada a dogara da lambarta kaɗai a hukunta ɗalibi. Jami'ar Vanderbilt ta yi lissafi mai sauƙi: takardu 75,000 ta saka a 2022, kashi ɗaya nasu 750 ke nan da za a iya zarga a banza. A Agustan 2023 ta kashe wannan ɓangaren.

Amma ka ji shawarata. Duk wannan sakin layi ɗaya ya isa a takardarka. Cewa manhaja na kuskure bai nuna a kanka ta yi kuskure ba, abin da zai nuna shi ne daftarinka (duba ta 5).

4. Malamin namu ChatGPT ɗin ya tambaya, wai ya ce eh shi ya rubuta. Wannan fa?

Wannan ita ce hujja mafi rauni duka. ChatGPT ba ya ajiye kundin abin da ya rubuta wa sauran mutane da zai je ya duba, amsa kawai yake ƙirƙira. A Mayun 2023 wani malami a Jami'ar Texas A&M da ke Commerce ya yi haka da rubutun ajinsa, ya yi barazanar hana su maki, labarin ya zaga duniya. Idan haka aka yi maka, ka roƙi kwamiti cikin ladabi su gwada da wani rubutu da kowa ya san an buga shi kafin Nuwamban 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, su tambaya sau uku ko huɗu su ga ko amsar za ta tsaya wuri ɗaya. Kada dai ka ce a gwada da kundin digirin malamin, ko da kana da gaskiya ka jawo wa kanka gaba.

5. Me ake nufi da daftari? Ni fayil ɗin ƙarshe kawai na sani.

Duk wani abu da ke nuna aikin yana girma daga ƙarami zuwa babba, kuma yana ɗauke da rana. Mutum in yana rubutu yana barin sawu: ya fara da jerin kanun magana, ya rubuta sakin layi mai kuskure, ya soke, ya mayar da wani daga shafi na 3 zuwa na 7, malami ya ja masa layi ya gyara. Wanda ya kwafo daga na'ura aikinsa a tsaye yake faɗowa, babu rarrafe.

Amma ba duk shaida ce nauyinta ɗaya ba. Mafi ƙarfi ita ce wadda ranarta ba a hannunka take ba. Babin da ka tura wa sufabaiza ta imel, fayil ɗin da ka aika wa aboki a WhatsApp ka ce duba min, tarihin gyara na Google Docs, duk waɗannan wani ne ya buga musu rana, ba kai ba. Bayan su sai takardun da malami ya yi wa gyara da jan biro, domin rubutun hannunsa ne ba zai musa ba, balle in ya sa rana. Sai littafin da ka yi ta zayyana a ciki, fotokofin da ka ja wa layi, takardun tambayoyi da mutane suka cike maka, muryoyin hirar da ka naɗa. Na ƙarshe a ƙarfi su ne ranakun da kwamfuta ke nunawa a jikin fayil, domin kofi kawai za ka yi zuwa filas ranar ƙirƙira ta canza, kuma wanda ya iya zai iya juya agogon kwamfuta. A sa su, amma kada a jingina da su kaɗai.

Ita ƴar yayata da farko cewa ta yi “Kawu ni ba ni da komai wallahi.” Da muka zazzage jakarta da wayarta sai ga babi na biyu an firinta, kusurwarsa da tabon manja, malamin ya rubuta da jan biro a gefe cewa wannan sakin layin bai da tushe. Sai ga saƙon murya na minti huɗu da ta tura wa ƙawarta ƙarfe ɗayan dare tana ƙorafin ta rasa yadda za ta haɗa babi na huɗu da na biyu. Ga fayil shida masu suna irin na ɗalibai, na ƙarshe, na ƙarshe na gaske, na ƙarshe insha Allah. Ashe tana da komai.

6. Yaya zan fito da tarihin gyara?

A Google Docs, ka buɗe a kwamfuta ya fi, ka bi nan:

```
File > Version history > See version history
```

Gefen dama za ka ga jerin ranaku da lokuta, in ka danna kowanne zai nuna yadda rubutun yake a lokacin da abin da aka ƙara. Ka ɗauki hoton allo na jerin gaba ɗaya, sannan na wasu ranaku huɗu ko biyar da ke nuna bambanci sosai. Hattara da abu biyu. Kada ka danna Restore this version. Kuma in ka yi Make a copy ko ka sauke fayil ɗin, tarihin ba ya bin kofin, yana nan a asalin kawai, saboda haka asalin za ka tsare kamar ƙwai. Wanda ka ba izinin kallo kawai ba zai ga tarihin ba sai mai izinin gyara, shi ya sa na fi son ɗalibi ya ce a shirye yake ya buɗe a gaban kwamiti da hannunsa.

A Microsoft Word kuwa, in fayil ɗin na kan OneDrive ne:

```
File > Info > Version History
```

In a kwamfutar kawai ka ajiye, ba za ka samu wannan ba. Abin da za ka samu a shafin Info ɗin shi ne ranar ƙirƙira, sunan marubuci, da Total Editing Time, wato mintocin da aka yi a kan fayil ɗin. Yana taimakawa kaɗan, sai dai lokacin da fayil ya yi a buɗe yake ƙirgawa ko kana barci ne, kuma masu kwamiti da suka san kwamfuta sun san haka.

7. Ni da hannu na rubuta na kai shagon buga takardu aka buga min. Shi ke nan na shiga uku?

Ba ka shiga ba, wata ƙila ma ka fi mai kwamfuta. Takardun hannunka da soke-soke da kibiyoyi shaida ce mai kyau, in dai suna nan. Ka koma shagon yau ba gobe ba, domin suna share fayiloli in kwamfuta ta cika, takardun kuma ka san inda suke ƙarewa, wajen mai ƙosai. Ka karɓi takardunka, ka roƙi a ba ka fayil ɗin, in mai shagon zai yarda ya rubuta layi biyu cewa shi ya buga daga rubutun hannunka a wata kaza, to madalla.

Tambaya ɗaya ce dole ka yi masa ido da ido: ya “gyara” maka Turancin? Wasu masu shago yanzu suna zuba rubutun kwastoma a manhaja don ya yi kyau, a ganinsu alheri suka yi. Ka ɗauki shafi biyu na hannunka ka kwatanta da wanda aka buga kalma da kalma. Idan sun bambanta, ka gano inda matsalar take, kuma dole ka faɗi hakan a takardarka (duba ta 12).

Mai rubutu a waya da WPS ko makamancinta, ka duba jakar takardun wayar da kuma WhatsApp, yawanci duk kofin da ka taɓa tura wa wani yana nan da ranarsa. Ka buɗe hirar ka yi Export chat tare da fayilolin kafin wayar ta faɗa ruwa.

8. Tarihin nawa ya nuna na manna shafi uku lokaci ɗaya. Ba zai kashe ni ba?

Zai kashe ka in ka yi shiru suka gano da kansu. Mannawa lokaci ɗaya ita ce alamar da ake nema wajen mai kwafowa, amma akwai dalilai na gaskiya barkatai: babu wuta ka rubuta a waya ka tura wa kanka, data ta ƙare ka rubuta a Word daga baya ka ɗora, ko ka haɗa babi-babi wuri ɗaya. Kai za ka fara nuna wurin, ka ce a rana kaza an manna shafi uku, ga inda suka fito, ga asalin da ranarsa ta riga ta mannawar. Haka kuma Google kan haɗe tsofaffin gyare-gyare wuri ɗaya, don haka in ka ga wasu ranaku sun dunƙule ba wani abu ba ne.

9. Wa zan rubuta wa, kuma zuwa yaushe?

Littafin dokokin ɗalibai ne zai faɗa maka, wanda aka ba ka a shekarar farko ka jefa ƙasan akwati. Ka nemo shi. A jami'o'inmu yawanci takarda kan bi ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya kafin ta kai ga kwamiti ko ofishin rajistara, tsallake su kuwa kan sa a dawo maka da ita. Akwai kuma bambanci tsakanin amsa zargi, wato ba a yanke hukunci ba tukuna, da ɗaukaka ƙara bayan an yanke. Ta biyun kusan kullum tana da wa'adi kuma gajere ne, a makarantu da yawa musamman na waje kwanaki ne ba watanni ba. Takarda mai sauƙi da ta shiga cikin wa'adi ta fi mai kyau da ta makara. In shaidarka ba ta gama haɗuwa ba ka shigar, ka rubuta cewa sauran na tafe.

Ka yi kofi biyu, a buga maka hatimin karɓa da rana a naka. Kada ka ba da asalin takardun jan biro, fotokofi za ka haɗa, asalin ka riƙe sai ranar zama.

10. To yaya takardar kanta za ta kasance?

Shafi ɗaya, in ta yi yawa biyu, sauran duk rataye ne masu lamba. Masu karantawa na da tarin fayiloli, abin da suke so shi ne su gane me ya faru, me kake roƙo, ina shaida. Da harshen karatun makarantarku za ka rubuta, amma ga ƙashin bayanta da Hausa, kusan yadda muka tsara ta ƴar yayata. Ranakun da lambobin misali ne, kowa ya sa nasa:

Ranka ya daɗe, ina ɗaukaka ƙara kan hukuncin da aka sanar da ni ranar 14 ga Yuli, na soke makin firojet ɗina bisa zargin cewa babi na biyu da na huɗu rubutun na'ura ne. Ni na rubuta aikin nan da kaina, kuma ina roƙon a janye hukuncin a duba aikin yadda ake duba na kowa.

Hujjar da aka nuna min ita ce rahoton manhaja mai cewa kashi 76. Ba a nuna min wata hujja ba bayan ita. Ga yadda aikin ya samu. Ranar 3 ga Maris na tura wa malamina jerin kanun babi na biyu ta imel, rataye na 1. Ranar 19 ga Maris na miƙa daftarin farko mai shafi 9, ya dawo min da shi da gyaran hannunsa, rataye na 2. A shafi na 4 ya rubuta cewa sakin layi na biyu bai da tushe. A daftarin 2 ga Afrilu, rataye na 3, za a ga na sake gina wannan sakin layin na ƙara masa tushe biyu, kuma shi ne ɗaya daga cikin wuraren da manhajar ta yi wa alama. Babi na huɗu ya fito ne daga takardun tambayoyi 120 da na raba, suna hannuna, lissafinsu kuma yana rataye na 4.

Na yi amfani da mai gyaran harafi na Word, ban yi amfani da wata manhaja ta rubuta min ko ta sake min jimla ba. Kamfanin da ya yi manhajar binciken da kansa ya ce kada a dogara da lambarta kaɗai wajen hukunci. A shirye nake in kawo asalin takardun, in buɗe fayilolina a gaban kwamiti, in kuma amsa tambaya a kan kowane shafi.

Ka ga inda ƙarfinta yake? Wurin nan na shafi na 4. Ba ta ce “ga daftarina ku duba” ta watsa musu shafi ɗari ba. Ta ɗauki sakin layi ɗaya da manhajar ta ce na na'ura ne, ta nuna shi yana jariri da kuskurensa, ta nuna hannun malami a kansa, ta nuna shi bayan gyara. Idan za ka iya yi wa wurare biyu ko uku haka, ka gama rabin aikin. Shi ya sa a ta 1 na ce ka nemi cikakken rahoto, domin ba lambar kake buƙata ba, wuraren da aka shafa wa launi kake buƙata.

11. Me bai kamata in saka ba?

Rantsuwa. Na san abin da zuciya ke cewa, wallahi tallahi, a kawo Alƙur'ani in dafa. Mai gaskiya da maƙaryaci duk suna iya rubuta wannan, don haka ba ya raba ku. Haka labarin maraici da wahalar kuɗin makaranta, gaskiya ne amma yana kama da roƙon sassauci, sassauci kuwa mai laifi ake yi wa. Kada ka zagi malamin ko ka ce ya tsane ka, sai in kana da abin nunawa, kuma ko da akwai, takarda daban ce. Kada ka ce ai kowa a ajin yana yi.

Sannan don Allah kada ka ba na'ura ta rubuta maka takardar kare kanka daga zargin amfani da na'ura. Ana yi. Ka rubuta da Turancinka, in da ɗan kuskure ma ba laifi, muryarka ce ake son a ji ta yi daidai da ta cikin aikin.

12. Na yi amfani da Grammarly, wani wurin kuma da Hausa na rubuta na sa Google Translate. In faɗa?

Ka faɗa, amma ka fara sanin me ka yi. Gyaran harafi da waƙafi daban, barin manhaja ta sake maka jimla ɗungurungum daban. QuillBot da ɓangaren Grammarly mai sake rubutu suna fitar da jimlolin da na'ura ce ta gina su, fassarar inji ma haka, don haka manhajar bincike na iya yi musu alama kuma ba za a ce ta yi ƙarya ba. Ka duba ko dokar kwas ɗin ta hana. In ba ta ce komai ba a lokacin da ka miƙa aikin, ka rubuta haka a fili, ka haɗa asalin Hausarka ko Turancinka na farko a matsayin shaidar cewa tunanin naka ne. In kuma ta hana, to takardarka ta canza, ba ta “ban yi ba” ba ce, ta “ga iyakar abin da na yi” ce. Ɓoyewa ce mafi muni, domin ƙarya ɗaya in ta fito sai ta shafa wa daftarinka na gaskiya kashin kaji.

13. Na saka aikin a wata manhajar ta nuna sifili. In haɗa?

Ni ban cika so ba. Ba ka cewa manhaja ba abin dogaro ba ce a sakin layi na uku, sannan a na huɗu ka kafa hujja da wata. In za ka sa, to don nuna cewa manhajojin na saɓa wa juna a kan rubutu ɗaya ne kawai, layi ɗaya ya isa. Kuma ka daina zuba firojet ɗinka a kowane shafi na kyauta, ba ka san inda yake ƙarewa ba.

14. An kira ni gaban kwamiti. Me za su tambaya?

Aikinka. Me ya sa ka zaɓi wannan hanyar bincike, wannan kalmar me kake nufi da ita, wannan littafin da ka ambata a ina ka same shi. Ta ƙarshen nan ka shirya mata sosai, domin sanannen halin na'ura ne ta ƙirƙiro sunan littafi ko maƙalar da babu ita a duniya, saboda haka malamai kan fara da jerin manazarta. Ka bi naka ɗaya bayan ɗaya ka tabbata kowanne kana da kofinsa ko ka san inda yake. In akwai wanda ka ɗauko daga cikin wani littafi ba ka karanta asalinsa ba, ka faɗi haka, kuskuren ɗalibi ne da aka saba gani.

Ka sake karanta aikin daren zaman, wata uku ya isa mutum ya manta abin da ya rubuta. In ba ka tuna wani abu ba ka ce a ba ka ka duba shafin. Ka tambaya tun kafin ranar ko an yarda ka zo da wani, wakilin ƙungiyar ɗalibai ko mai ba ka shawara a sashe. Ita tamu minti ashirin ta yi a ciki, ta ce tambayar da ta juya zaman ita ce da wata malama ta ce me ya sa takardu 120 kika raba amma 107 kika lissafa. Ta ce Malama goma sha uku ba a cike su daidai ba, ga su nan, ta zaro su daga leda.

15. Ni fa da gaske ba ni da daftari ko ɗaya. Fayil ɗaya na yi ta gyarawa.

Ka sake dubawa tukuna, ta 5 da ta 7. In babu ɗin, sai ka koma ga abu biyu. Tsofaffin rubuce-rubucenka da aka yi a gaban mai sa ido, kamar takardun jarrabawa da gwaji da ke hannun sashe, ka roƙi a kwatanta salon. Sannan kai da kanka ka nemi a yi maka tambayoyi da baki, ko a zaunar da kai ka rubuta shafi ɗaya a kan batun ba waya ba kwamfuta. Matsayinka ya fi na mai daftari rauni, ba zan ɓoye maka ba, amma har yanzu wanda ya yi zargi shi ya kamata ya kawo hujjar da ta wuce lamba ɗaya.

16. Idan suka ƙi fa?

Ka nemi dalilin a rubuce, ka duba mataki na gaba a littafin dokoki, yawanci akwai wani sama da kwamitin farko har zuwa majalisar jami'a. A wannan matakin abin da aka fi dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida: an nuna maka hujjar, an ba ka lokaci, an saurare ka, wanda ya zarge ka ba shi ne alƙali ba. A Najeriya wannan ba alfarma ba ce, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi haƙƙin a saurari mutum, kuma tun 1986 a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗalibai saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba. Masu karatu a Ingila da Wales, in matakan jami'a sun ƙare za a ba ku takardar kammalawa, da ita ake kai ƙorafi ofishin OIA, mai zaman kansa da ke sauraron ƙorafin ɗaliban jami'a, cikin wata 12.

Kotu ita ce ƙarshe, tana cin kuɗi da shekaru, kada ka buɗe takardarka ta farko da barazanar lauya. Amma in maganar ta kai ga kora ko dakatarwa, ka nuna wa lauya takardun kafin ka sa hannu a komai, ka tafi masa da kofin nan mai hatimin karɓa da na ce ka riƙe a ta 9.